Auna Tsayin Hasumiya Daga Ƙasa: Kusurwa Ɗaya da Nisa Ɗaya

Akwai wata tambaya da ba ta cika ɓacewa daga littattafan lissafi na sakandare ba, kuma ɗaliban da suka zauna jarrabawar WAEC ko NECO sun san fuskarta. Ana cewa mutum ya tsaya a fili mai bai ɗaya, tsakaninsa da gindin wata hasumiya mita 50. Da ya dubi ƙololuwarta, sai kusurwar da ganinsa ya ɗaga ta kai digiri 30. To, tsayin hasumiyar nawa ne? Tambayar ta fito ne daga reshen lissafin da ake kira tirigonometiri, wanda aikinsa shi ne bayyana alaƙar kusurwoyin alwatika da tsawon gefunanta. Da shi ake gano tsayin abin da ba za a hau da tef ɗin awo ba, ko dai don hawan na da haɗari, ko don ba a yarda a hau ba.

Kafin a taɓa kalkuleta, sai an ga alwatikar da ke ɓoye a cikin maganar. Gefenta na farko shi ne hasumiyar kanta, a tsaye kyam. Na biyu shi ne ƙasa, a kwance, daga gindin hasumiyar zuwa ƙafar mai kallo. Na uku ba a ganinsa kuma ba a taɓa shi: layin gani ne, wanda ya tashi daga ido ya karkata sama har ƙololuwa. Inda hasumiya ta haɗu da ƙasa akwai kusurwa mai digiri 90, irin wadda magini ke tabbatarwa da sikwaya a kwanar ɗaki. Wannan kusurwar ita ce sharaɗin duk lissafin da zai biyo baya. In babu ita, dokar da za a yi aiki da ita ba ta hau ba.

Ita kuma kusurwar ɗaga ido, ana auna ta ne daga layin kwance. Mutum ya miƙe, ya dubi gabansa sosai, bai ɗaga kai ba bai sunkuyar ba: wannan digiri sifili ne. Duk abin da ya ƙara na ɗaga ido har ganinsa ya sauka a kan ƙololuwa, shi ne kusurwar. Wanda ya dubi sama ta saitin kansa ya kai digiri 90. Ɗalibai da yawa kan rubuta kusurwar a saman zane, tsakanin hasumiya da layin gani, alhali wurinta yana ƙasa, wajen mai kallo. Daga nan amsa take fara lalacewa, tun ba a ninka komai ba.

Dalilin da kusurwa take faɗin tsayi

Abin da ya sa lissafin ke aiki abu ne da kowa zai iya gwadawa a takarda. A ja layi a kwance mai santimita 10. A ƙarshensa na hagu a auna digiri 30 a ja layi mai karkata sama. A ƙarshensa na dama a ja layi a tsaye har ya haɗu da karkataccen. In an auna layin tsayen za a same shi kusan santimita 5.8. A sake zanen da layin kwance mai santimita 20, kusurwa ba ta canja ba, sai layin tsayen ya zo kusan santimita 11.5. Nisa ya ninka biyu, tsayi ma ya ninka biyu. Alwatika ta yi girma amma siffarta na nan yadda take. Saboda haka duk lokacin da aka raba tsayi da nisa a alwatikar da kusurwarta digiri 30 ce, adadi ɗaya ake samu, wato kusan 0.577, ko zanen santimita ne a takarda ko hasumiya ce a tsakiyar gari.

Wannan adadin shi ne abin da kalkuleta ke bayarwa in an danna maɓallin tan. Kowace kusurwa tana da nata. Masana sun riga sun lissafa su tun da daɗewa, sun jera su a jadawali, irin wanda ake bugawa a littafin jadawalin lambobi huɗu da ɗalibai ke shiga jarrabawa da shi. Dokar ita ce:

tsayi = nisa × tan(kusurwa)

A tambayar da aka fara da ita, tan 30° = 0.5774. In an ninka 50 da 0.5774 sai a sami 28.87, wato tsayin hasumiyar kusan mita 28.9 ne. Lissafin bai wuce haka ba. Wahalar tana wajen gane dalilin zaɓen tan a bar sin da cos, domin su ma maɓallai ne da ke kusa da shi. Dalilin shi ne gefunan da tambayar ta ƙunsa. An ba da gefen kwance, ana neman gefen tsaye, kuma tan ne kaɗai ke haɗa waɗannan biyun. Shi sin yana haɗa gefen tsaye ne da karkataccen gefe, don haka wurinsa tambaya ce irin ta tsanin da aka jingina da bango, ko wayar da aka ɗaure daga saman turken sadarwa zuwa ƙasa, inda tsawon karkataccen gefen ne aka sani.

Akwai adadi uku da ya kamata a riƙe a ka. Na digiri 30 shi ne 0.577, na digiri 45 shi ne 1 cif, na digiri 60 kuwa 1.732. Na tsakiyar ya fi sauran amfani. Tunda tan 45° ɗaya ne, tsayi da nisa daidai suke a wannan kusurwar. Wanda ya yi ta ja da baya har ƙololuwa ta zo masa a digiri 45, ba ya bukatar kalkuleta: ya auna daga inda yake tsaye zuwa gindin, ya sami tsayin abin da ke sama da idonsa. Masu lura da inuwa don sanin lokutan salla sun daɗe da sanin wannan yanayin ta wata fuskar. Lokacin da inuwar sanda ta yi daidai da tsawon sandar, rana tana digiri 45 ne sama da layin kwance, kuma a daidai wannan lokacin inuwar kowane abu mai tsayuwa a garin daidai take da tsayinsa. Shigar la'asar a fiƙihun Malikiyya tana kusa da wannan, sai dai a can ana ƙara inuwar da ta rage a lokacin zawali a kan tsawon sandar.

Adadin nan uku suna kuma nuna wani abu da hankali bai cika kawowa ba. Daga 30 zuwa 60 kusurwa ta ninka biyu, amma tan ya ninka uku. Tsayi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kusurwa. A ƙananan kusurwoyi yana hawa a hankali, in an wuce digiri 60 sai ya fara gudu, a kusa da 90 kuma ya fi ƙarfin lissafi. Shi ya sa kalkuleta ke nuna alamar kuskure in an tambaye ta tan 90°.

Daga takarda zuwa fili

Hasumiyar littafi layi ce siririya, ƙasar littafi shimfiɗaɗɗiya ce, mutumin littafi kuma idonsa a ƙasa yake. Ginin gaske ba haka yake ba, kuma hasumiyar Babban Masallacin Agadas a Jamhuriyar Nijar misali ce mai kyau ta wannan bambanci. Da laka aka gina ta, tsayinta mita 27, tana da faɗi a gindi tana tsukewa yayin da take hawa, ga itatuwa sun leƙo daga jikinta waɗanda magina ke takawa lokacin yaɓe. Asalin masallacin ana kai shi shekarar 1515, an sake gina shi a 1844, kuma tsohon birnin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Tunda an san tsayinta, za a iya gwada dabarar a kanta a ga inda take dacewa da inda take kaucewa. Lambobin awon da ke tafe misali ne da aka tsara don koyarwa, irin waɗanda mai awo zai iya samu a wurin.

Da farko sai an sami abin auna kusurwa. Masu safiyo suna da na'urorinsu masu ƙafa uku da ke karanta ƙaramin yanki na digiri, amma ɗalibi zai iya haɗa nasa da abin da ke cikin akwatin kayan lissafinsa. Ana ɗaukar furotirakta, wato rabin da'irar robar nan mai lambobi daga sifili zuwa 180, a juya ta miƙaƙƙen gefenta ya koma sama. A manna bututun biro da aka cire wa tawada a kan miƙaƙƙen gefen, a ɗaura zare a tsakiyar gefen inda layukan suka haɗu, a rataya ƙaramin noti ko tsakuwa a ƙarshen zaren. Mutum ɗaya zai leƙa ta bututun har ya ga ƙololuwa, na biyu yana gefe yana jiran zaren ya daina lilo ya karanta lambar da ya tsaya a kai. Idan bututun yana kwance daidai, zaren a kan 90 yake sauka. Don haka lambar da aka karanta ba ita ce kusurwar ba. Kusurwar ita ce tazarar da zaren ya yi daga 90. In ya tsaya a kan 58, kusurwar ɗaga ido digiri 32 ce.

A ɗauka mai awo yana tsaye mita 40 daga wurin da ke ƙarƙashin ƙololuwar kai tsaye, kusurwa ta ba shi digiri 32, kuma daga ƙasa zuwa idonsa mita 1.6 ne. Kalkuleta za ta ba da tan 32° = 0.6249. In an ninka da 40 sai a sami 24.996, wato mita 25. Wannan ba tsayin hasumiyar ba ne tukuna. Alwatikar da aka yi aiki da ita ba a ƙasa take zaune ba, a saitin idon mai awo take, domin daga nan layin kwance ya tashi. Mita 25 ɗin daga saitin ido ne zuwa sama. Dole a ƙara mita 1.6 da ke ƙasa da ido:

tsayi = 40 × 0.6249 + 1.6 = 26.6

Amsa ta zo mita 26.6, ainihin tsayin kuwa 27. Gibin bai kai rabin mita ba, kuma ga kayan awon da aka haɗa da zare da bututun biro, wannan sakamako ne mai kyau. Amma yana da kyau a san daga ina gibin ya fito. Da zaren ya nuna digiri 33 maimakon 32, da tan ya zama 0.6494, amsa ta koma mita 27.6. Da ya nuna 31, da ta sauka 25.6. Kenan a wannan nisa kowane digiri ɗaya yana ɗauke da mita guda na tsayi. Kusurwar da za ta ba da 27 daidai tana wajen digiri 32.4, kuma hannun mutum da ke rawa da zaren da iska ke kaɗawa ba za su iya bambance 32 da 32.4 ba. Wanda ya yi irin wannan awon sannan ya rubuta amsarsa mita 26.596 yana da'awar sanin abin da bai sani ba. Abin da awonsa ya ba shi ikon faɗa shi ne kusan mita 27, da yiwuwar kaucewar mita ɗaya sama ko ƙasa.

Tambayar jarrabawa kan yi shiru game da tsayin ido, kuma in ta yi shiru ana ɗauka daga ƙasa aka auna kusurwar, ba a ƙara komai. In kuwa ta ambaci tsayin mutumin, to an sa shi ne da gangan, kuma wanda ya manta da shi ya yi asarar maki a matakin ƙarshe.

Matsala ta biyu ta fi ɓuya, kuma siffar ginin ce ke jawo ta. Nisan da doka ke nema shi ne daga mai awo zuwa wurin da ke ƙarƙashin abin da ya saita, inda tsakuwa za ta faɗa da za a sake ta daga can sama ta sauko ba tare da ta taɓa komai ba. A bango mai miƙewa sak, wurin nan shi ne gindin bangon. A ginin da ke tsukewa kuwa, wurin yana can cikin ginin, inda tef ba ya kaiwa. A ɗauka bangon gindi ya fito mita 3 gaba da saitin ƙololuwa. Mai awo zai ja tef ya tsaya a bango ya karanta 37, alhali nisan gaskiya 40 ne. Lissafinsa zai ba shi 37 × 0.6249 + 1.6, wato mita 24.7. Ya rage wa ginin kusan mita biyu, kuma babu abin da zai nuna masa a takarda, domin ninkawarsa daidai take. Haka abin yake ga turakun sadarwa na ƙarfe masu buɗaɗɗun ƙafafu, da hasumiyar Gobarau ta Katsina mai kimanin mita 15, da bishiyar da ta karkata. Maganin shi ne a auna faɗin gindin a ƙiyasta abin da za a ƙara.

Inda ya fi dacewa a tsaya

Ba kowane wuri ne ya dace da awo ba, ko da yake a ƙa'ida kowane nisa zai ba da amsa ɗaya. Wanda ya matso har mita 5 daga saitin ƙololuwar Agadas zai ɗaga kai kusan digiri 79. A nan bambancin tan 78° da tan 79° ya kai 0.44, don haka kuskuren digiri ɗaya zai zama fiye da mita biyu. Bugu da ƙari, ko tafin ƙafa ɗaya ya kuskure a awon nisa, lissafi zai ninka kuskuren kusan sau biyar. Wanda kuma ya ja da baya har mita 200 zai ga ƙololuwar a wajen digiri 7. Bambancin tan 7° da tan 8° ƙarami ne, 0.0177 kacal, amma da 200 za a ninka shi, sai ya zama mita uku da rabi. Kusa ta yi yawa ba ta yi ba, nesa ta yi yawa ma ba ta yi ba. Kuskuren ya fi ƙanƙanta a wajen digiri 45, inda digiri ɗaya ke kawo kusan mita 0.9 a wannan ginin, kuma tsakanin digiri 30 da 60 bambancin ba shi da yawa. A aikace, mai awo ya tsaya nesa da ginin gwargwadon tsayin da yake zaton ginin yana da shi, ko ya ɗan ƙara.

Ƙasa ma takan ƙi ba da haɗin kai. Idan mai awo yana kan tudu, gindin hasumiya yana ƙasa da ƙafarsa, ƙara tsayin ido ba zai wadatar ba. Sai ya auna kusurwa biyu daga inda yake: ta ɗaga ido zuwa ƙololuwa, da ta sunkuyar da ido zuwa gindi. Da nisan kwance na mita 40, in ta sama ta zo digiri 30 ta ƙasa kuma digiri 4, sashen sama zai zama 40 × 0.5774, wato 23.1, na ƙasa kuma 40 × 0.0699, wato 2.8. Jimilla mita 25.9, kuma a nan ba a ƙara tsayin ido, domin kusurwar ƙasa ta riga ta ƙunshe shi. In kuwa mai awon ne a kwari har gindin ginin ya fi idonsa tudu, kusurwoyin biyu duk na ɗaga ido ne, sai a cire ƙaramin daga babban.

Kurakuran kalkuleta da yadda ake kama su

Kalkuletar kimiyya tana da hanyoyin ƙirga kusurwa fiye da ɗaya. In allonta yana nuna DEG ko D, da digiri take aiki. In yana nuna RAD ko R, ta koma wani ma'auni daban da ake kira radiyan, kuma duk lambar da aka sa mata a wannan ma'aunin za ta ɗauke ta. Wani lokaci kuskuren yana tona kansa: tan 30 a RAD yana ba da −6.405, kuma babu hasumiyar da tsayinta ke ƙasa da sifili. Wani lokacin kuma yana wucewa shiru. A RAD, tan 32 yana ba da 0.661, wanda ya yi kusa da 0.6249 na gaskiya har ba mai zarginsa, amsa ta fito mita 28 maimakon 26.6. Gwajin da ke raba gardama ɗaya ne: kafin a fara aiki a danna tan 45. In ta ba da 1, komai lafiya. In ta ba da 1.6198, tana kan RAD.

Sauran kurakuran ana kama su da digiri 45 ɗin nan dai. Idan kusurwa ba ta kai 45 ba, tsayin da ke sama da ido dole ya gaza nisa. Idan ta wuce 45, dole ya fi nisa. Wanda ya raba 40 da 0.6249 maimakon ya ninka zai sami 64, kuma wanda ya ɗauki 58 ɗin da zare ya nuna a matsayin kusurwa shi ma 64 zai samu, domin kurakuran biyu abu ɗaya suke yi, suna musanya gefen tsaye da na kwance. Duba ɗaya ya isa: kusurwa 32 ce, ba ta kai 45 ba, to ta yaya tsayi zai fi mita 40? Kuskuren danna sin a maimakon tan ya fi wuyar kamawa, saboda 40 × sin 32° yana ba da 21.2, adadin da ba ya tayar da hankali. Ba abin da ke hana shi sai zane. A zana alwatikar, a rubuta 40 a gefen kwance, a sa alamar tambaya a gefen tsaye, a tabbatar karkataccen gefen ba shi da hannu a cikin tambayar.

Idan ba a iya kaiwa gindin

Sau da yawa tef ba ya isa gindin hasumiya ko kaɗan. Gini ya tare, ko katanga, ko kogi, ko kuma abin da ake aunawa dutse ne wanda saitin ƙololuwarsa ke can cikin cikinsa. A nan ana amfani da kusurwa biyu daga wurare biyu, kuma nisan da ake aunawa shi ne wanda ke tsakanin wuraren biyu kawai. Sharaɗi shi ne wuraren biyu da hasumiyar su kasance a layi ɗaya, kuma ƙasar ta zama bai ɗaya.

A ɗauka daga wuri na farko kusurwa digiri 25 ce. Mai awo ya taka mita 24 ya nufi hasumiyar sak, ya sake aunawa ya sami digiri 40. Ba a san nisan ko ɗaya daga wuraren zuwa gindin ba, amma an san yadda kowannensu yake da alaƙa da tsayin. Tunda tsayi shi ne nisa sau tan, to nisa shi ne tsayi a raba da tan. A wuri na nesa, tan 25° = 0.4663, kuma 1 a raba da 0.4663 ya ba da 2.1445. Ma'ana nisan wurin ya ninka tsayin sau 2.1445. A wuri na kusa, tan 40° = 0.8391, don haka nisansa ya ninka tsayin sau 1.1918. Bambancin nisan biyu shi ne tsayin sau 0.9527, kuma wannan bambancin shi ne mita 24 da aka taka. Saboda haka:

tsayi = 24 ÷ 0.9527 = 25.2

In an ƙara mita 1.6 na ido, amsa ta zama mita 26.8. Lissafin ya kuma ba da nisan da ba a auna ba, domin 25.2 sau 1.1918 ya ba da mita 30 daga wuri na kusa zuwa saitin ƙololuwa. Wannan hanya ta kawar da matsalar faɗin gindi gaba ɗaya, tunda ba a taɓa bangon ba. Sai dai tana da nata tsadar. Amsar ta dogara ne a kan bambancin adadi biyu, don haka ƙaramin kuskure yana kumbura. Da an karanta kusurwar farko 26 maimakon 25, bambancin zai sauka zuwa 0.8585, amsa ta haura mita 29.6. Digiri ɗaya ya kawo kusan mita uku. Abin yana ƙara muni in wuraren biyu suna kusa da juna, domin kusurwoyin za su yi kusa su ma. Mai amfani da wannan hanya ya buɗe tazarar yadda fili ya ba shi dama, ya maimaita kowane awo sau uku ko huɗu, ya ɗauki matsakaici.

Da awon tsayin dutse irin wannan malamin nan Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya fara aikinsa a Nandana, cikin ƙasar Pakistan ta yau. Bayan ya sami tsayin dutsen, sai ya hau samansa ya auna kusurwar da ido ke sunkuyawa zuwa iyakar gani, daga nan ya lissafa girman duniya. Ƙarnoni bayan haka, ma'aikatan safiyon Indiya sun auna dutsen Everest daga filayen da ke nesa da shi fiye da kilomita 150, domin ba a ba su izinin shiga Nepal ba. A 1856 suka sanar da tsayin ƙafa 29,002, kusan mita 8,840. Awon da Nepal da Sin suka sanar tare a 2020 ya ba da mita 8,848.86.

A irin wannan nisa dokar nisa sau tan ba ta wadatarwa ita kaɗai, kuma nan ne iyakarta. Tana ɗauka cewa ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kuma haske yana tafiya a miƙe. Duniya kuwa tana da lanƙwasa, iska kuma tana ɗan karkatar da haske, har abin da ke nesa ya bayyana sama da inda yake. Masu safiyo suna gyara lissafinsu saboda waɗannan biyun. Lanƙwasar duniya tana sauke ƙasa kusan santimita 8 a kilomita na farko, kuma tana ƙaruwa da sauri bayan haka: a kilomita 10 ta kusa mita 8. A nisan mita 40 kuwa ba ta kai milimita ɗaya ba, don haka mai auna hasumiyar masallaci, ko tankin ruwa, ko turken sadarwa ba shi da abin gyarawa ta wannan fuskar. Kuskurensa yana wajen karanta kusurwa, da wurin da ya tsayar da tef, da tsayin idonsa.